Wata 2 da kama aiki, gani nake ban iya komai ba

"Ma'aikaciyar jinya ce ni, watana 2 da kama aiki a Gusau. Kullum gani nake sa'a ce ta kawo ni nan, wata rana asirina zai tonu. Yaya zan gane ko na iya aikin?"

Ƙanwata, ni ma na kwana da wannan fargabar. A watana na uku ina aikin dare aka kawo wani yaro daga wajen Bunguɗu, amai da gudawa sun tsotse shi, jijiyoyinsa duk sun lafe. Sau biyu ina soka kanula, allurar nan da ake sa ruwa ta jijiya da ita, ban samu ba. Wata babbar sista ta fizge daga hannuna, a gaban uwar yaron ta ce, "Ke wa ma ya ba ki takarda?" Na shiga banɗaki na sha kuka. Sati biyu ina laɓewa in an ce za a sa wa yaro ruwa. Har yau in na tuna muryarta raina yakan ɓaci, Allah ya yafe mana. Abin haushin, ita ma sai a na uku ta samu, a ƙafa, amma wannan sam bai zauna mini a kai ba sai daga baya.

Ƙaramin littafi na saya. Duk kanular da na sa sai in rubuta: babba ko yaro, dare ko rana, a karo na nawa na samu. Wata ya cika na ƙirga 30, guda 23 tashi ɗaya. A cikin 7 da na kuskure, 5 yara ne da ruwan jikinsu ya ƙare, wasu ma da fitilar waya na yi su. Ashe ba "ban iya komai ba" ne, abu ɗaya ne ke ba ni wahala. Shi na je na roƙi wata mai haƙuri ta tsaya a kaina.

Kuma ki daina auna kanki da mai shekara 15 a wodi, ki auna da satinki na farko. In za ki tambayi na gaba, kar ki ce "yaya aikina?", za ta ce "ba laifi" ta wuce. Ki ce, "Anti, duba mini rahoton da na rubuta jiya, me na bari?"

Wannan ciwon na ganin ba mu iya komai ba ma ba namu kaɗai ba ne. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kansa a Amurka, kuma a kan mata masu ƙwazo suka yi.

Sai dai ƙaramin littafin nan na ƙirga ba lallashi yake ba. In kuskure iri ɗaya yana ta dawowa, ga wuta, ga kayan aiki, ba ki gaji ba, to giɓi ne na gaske, ki nemi a koya miki. Lissafin maganin yara kuwa, da ake yi da nauyin jiki, ni har gobe sai wata ta sake duba mini kafin in ba da.