Lebarej da asusun dala 200

"'Yan'uwa, dala 200 ce a asusuna, dillali ya ba ni lebarej 1:100. Wasu na cewa da shi ake saurin samu, wasu na cewa shi ke cinye asusu. Wanne ne gaskiya?"

Ɗan'uwa, duka biyun gaskiya ne, kuma da irin kuɗinka na fara, don haka bari in ba ka lissafina.

A kasuwar canjin kuɗi ta forex, na buɗe 0.10 lot a EUR/USD, cinikin Yuro da dala, farashi yana kusan 1.1000. Wato na riƙe Yuro 10,000, kimanin dala 11,000, alhali dala 110 kacal dillali ya riƙe a matsayin jingina, kashi ɗaya cikin ɗari, ma'anar lebarej 1:100 ke nan. A wannan girman, duk pip ɗaya, wato motsin farashi na 0.0001, dala 1 ne. Kasuwa ta bi ni pip 50, na samu dala 50. Farashi ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai motsa ba, amma asusuna ya ƙaru da kashi 25. Dalili kuwa shi ne ana lissafa riba a kan dala 11,000 ɗin, ba a kan 200 ɗina ba. Ranar ji nake na gano bakin zaren.

Washegari sai na ninka, na buɗe 0.20 lot da dala 250 ɗin. Jingina ta koma 220, pip ɗaya ya koma dala 2, abin da ya rage a Free Margin, wato kuɗin da ba a riƙe jingina ba, dala 30 kawai. Tun a nan ya kamata in farga, amma zumuɗi ya rufe mini ido, ko Stop Loss, umarnin rufe ciniki in asara ta kai wata iyaka, ban sa ba. Kasuwa ta juya pip 70. Asara dala 140, saura 110, Margin Level ya sauka zuwa kashi 50, wato abin da ya rage ya koma rabin jinginar, wanda shi ne iyakar dillalina (kowane dillali da tasa, ka duba taka). Nan take ya rufe cinikin ba tare da ya tambaye ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, zuwa yamma farashi ya dawo inda na yi hasashe, ni kuwa an riga an fitar da ni. Kuma kafin 110 ta koma 250, sai na ninka ta har da ɗoriya.

Lambar 1:100 ɗin jingina kawai take ragewa. Abin da ya cinye ni shi ne girman da na buɗe: dala 22,000 a kan 250, ninki 88 ke nan. Da 0.01 lot na buɗe, pip ɗaya santi 10 ne, pip 70 ɗin nan dala 7 zai ci, in kwana lafiya.

Yanzu kafin in danna, nakan ninka darajar pip da nisan Stop Loss ɗina. In abin da ya fito ya wuce kashi 2 na asusun, sai in rage lot. A dala 200 ɗinka, dala 4 ke nan: 0.01 lot da tazarar pip 40.