Babi mai shafi 34, ta yaya zai shiga fosta ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An karɓi aikina a wani taron masana aikin gona, amma fosta suka ce in kawo, girman A0. Babi na huɗu na kundin digirina na biyu ne, kan takin yuriya da irin shinkafa uku a fadamar Argungu, shafi 34 da jadawali tara. Na ƙanƙanta rubutun har ya shige, sai malamina ya ce ba ya karantuwa. Me zan cire? Daga wata ɗaliba a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki ya yi gaskiya. Rufe babin tukuna, ki ɗauki takarda ki rubuta jimla ɗaya: me kika gano wanda in kin faɗa wa manomi a Argungu zai gyara zama ya saurara? A ce abin da ya fito shi ne, ɗaya daga cikin irin nan uku ya daina ƙara amfani da aka wuce mataki na uku na taki. To wannan ce fostarki. Duk abin da ba ya taimakon wannan jimla, ya zauna a kundi.

A cikin jadawalin nan tara, ina kyautata zaton akwai babba guda: iri uku, matakan taki huɗu, rani da damina. Lambobi 24 ke nan, kuma babu mai tsayawa a tsaye, da kofin shayi a hannu, yana kwatanta lambobi 24. Mai da shi zanen layi. Yawan taki a kwance, amfanin gona a tsaye, tan nawa a hekta, kowane iri da layinsa. Ki yi zane biyu kafaɗa da kafaɗa, na rani da na damina, amma ma'aunin tsayen ya zama iri ɗaya. In na rani ya kai 8, na damina ya tsaya a 5, ido zai ga kamar kunnen doki suka yi alhali ba haka ba ne. Sunan iri, kamar FARO 44, ki rubuta shi a bakin layinsa, kada ki jefa shi cikin ɗan akwati a gefe mai kallo ya yi ta kai da komo. Kowane layi ya sami alamarsa, da'ira ko murabba'i, domin akwai masu kasa bambance ja da kore. Sandunan kuskure kuma ki faɗi na mene ne, SD ko SE, da sau nawa aka maimaita gwajin. Malaman lissafi nan suke fara kai ido. A saman zanen kada ki sa "Zane na 4.2". Jimlar nan taki za ki sa.

Wannan zane ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku na fostar, a tsakiya. Sauran rubutu duka kada ya haura kalmomi 400. Gabatarwa jimla uku, bitar ayyukan magabata kuwa a bar ta a gida. Hanyar bincike, hoton fili guda da ɗan zanen yadda kika raba kuyoyin sun wadatar.

Sai batun girma. A0 santimita 84.1 ne da 118.9, amma ki duba takardar gayyata ko a tsaye suke so ko a kwance. A PowerPoint ki shiga Design, Slide Size, Custom Slide Size, ki sa waɗannan lambobi tun kafin ki ɗora komai, don in kin canza daga baya komai zai hargitse. Taken fosta girman harafi 80 zuwa 100, kanun sassa 40 zuwa 48, rubutun ciki kada ya gaza 24.

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne hoto. Ni kaina na taɓa kai aiki wurin wani mai buga fosta, taswirar da na sa ta fito kamar an zuba mata ruwa, saboda ta WhatsApp aka turo min ita, shi kuwa matse hoto yake yi. Lissafin ba wuya: hoton da zai kai faɗin santimita 30, wato inci 12 kusan, yana son aƙalla fiksel 150 a kowane inci, fiksel 1,800 ke nan a faɗi. Zanen ma ki fitar da shi daga manhajar da kika yi shi, kada ki ɗauki hoton fuskar kwamfuta. Mai bugawa ki ba shi PDF, domin haruffa kan sauya a wata kwamfutar.

Kafin ki biya kuɗi, buga shi a takardar A4. Tsawo da faɗin A4 rubu'in na A0 ne, don haka harafi 24 zai koma 6. Ki riƙe ta nisan rabin mita daga ido, daidai yake da tsayawa mita biyu daga babbar fostar. Take da jimlar saman zane dole su karantu a nan. Sannan ki miƙa wa wata da ba fanninku ɗaya ba, ki ba ta minti ɗaya, ki karɓe takardar ki tambaye ta me aka gano. In ta fara da "wai an yi bincike ne kan shinkafa", akwai sauran yanka.