Nasabi ko rafa'i bayan illa?

"Malamai, wani wuri na ga illa Zaidan, wani wuri illa Zaidun. Yaya zan gane wasalin da ya dace?"

Ɗan'uwa, kafin ka taɓa sunan, koma kan abin da ya gabaci illa ka duba abu biyu: an ambaci jama'ar da ake cire shi daga cikinta, wato mustasna minhu? Kuma akwai korewa, ko hani, ko tambaya?

In an ambaci jama'ar kuma ba korewa, ba hani, ba tambaya, nasabi dole ne: ja'al ƙaumu illa Zaidan.

In an ambace ta kuma akwai korewa, ko hani, ko tambaya, kana da zaɓi. Ko ka yi nasabi, ko ka mai da sunan badali ya bi wasalin jama'ar: ma ja'al ƙaumu illa Zaidun. Badalin ya fi rinjaye. A Suratun Nisa'i aya ta 66 yawancin makaranta sun karanta illa ƙalilun, Ibnu Amir kuma ya karanta ƙalilan.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne in ba a ambaci jama'ar ba sam, abin da ake kira mufarragi. A nan illa ba ta aikin komai. Share ma da illa a zuciyarka, ka karanta abin da ya saura. Ma ja'a illa Zaidun ya koma ja'a Zaidun, ka ga fa'ili ne, sai rafa'i. Ma ra'aitu illa Zaidan kuwa maf'uli ne, nasabinsa daga ra'aitu ya zo, don haka kada ka kira shi mustasna wajen i'irabi.