Ƙaramin allo da layin Taskbar a Windows 10

"Kwamfutata ta cinya mai inci 11 ce, Windows 10 ke kanta, kuma layin Taskbar yana cinye mini wuri. Yaya zan matsar da shi, in rage girman gumakansa, in kuma sauya masa launi?"

Ka shiga Settings > Personalization > Taskbar, a ƙarƙashin Taskbar location on screen ka zaɓi Left, sannan ka kunna Use small taskbar buttons a wannan shafin. Na fi son gefen hagu saboda irin waɗannan allunan galibi 1366 × 768 ne, wato faɗi ya wadata, tsawo ne ya yi ƙaranci, don haka duk abin da ka ɗauke daga ƙasa zai zama ƙarin layukan rubutu a gabanka. Idan kuwa ka bar shi a ƙasa da ƙananan gumaka, kwanan wata zai ɓace daga kusurwa, agogo kaɗai zai rage.

Batun launi ne ya taɓa ba ni wahala, domin na daɗe ina danna akwatin Start, taskbar, and action center da ke shafin Colors yana a dushe, ya ƙi karɓa. Ashe ba ya aiki muddin Windows tana kan Light. Sai ka zaɓi Custom, ka mayar da Choose your default Windows mode zuwa Dark, sannan akwatin zai buɗe. Ka ɗauki launi mai duhu, kamar shuɗi mai kauri, don farin rubutun agogo ba ya fitowa sosai a kan rawaya.