Ma'aikata huɗu, baki ɗaya: in sayi manhaja ko in dakata?

*"Ina sayar da kaya ta intanet, ma'aikata huɗu ne ke amsa min saƙonnin kwastomomi. Kowa da salonsa: wannan da raha, wancan kamar an yi masa dole. An ba ni shawarar in biya kuɗin manhajar da ke adana shiryayyun amsoshi. In saya, ko da abin da ya kamata in fara yi?"* Daga wata 'yar kasuwa.

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Manhaja abin da aka zuba mata take maimaitawa. Idan ba ku tsayar da yadda kuke magana ba, kowane ma'aikaci zai adana nasa amsoshin a ciki, ki wayi gari da salo huɗun nan dai, sai dai yanzu suna fita da sauri. Abin da za ki fara da shi takarda ce, shafi ɗaya ko biyu.

Kafin ki rubuta komai, ki kwaso amsoshi kamar talatin da aka aika a makonnin baya, ki goge sunayen waɗanda suka rubuta su, ki karanta a jere. Bambancin ba ya yaɗuwa ko'ina, wurare kaɗan yake taruwa: gaisuwa, yadda ake kiran kwastoma, ba da haƙuri, alkawarin lokaci, da yadda ake cewa a'a. Waɗannan wuraren ne takardar za ta yanke wa hukunci.

Yawancin irin wannan takarda a nan take lalacewa. Sai a rubuta "mu kasance masu fara'a da girmamawa" a ɗauka an gama. Mai raha zai ce ai fara'a yake yi, mai gajeren zance zai ce shi girmamawa yake yi, kuma duk cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Doka mai amfani ita ce wadda za a ɗora a kan amsa a ce ta bi ko ba ta bi ba. Misali: da "ku" muke yi wa kowane kwastoma magana, ba "ka" ko "ki" ba (wannan ma zai raba ku da kunyar kiran mace da "ka" don sunan da ke kan waya bai nuna ba). Da "mu" muke magana a kan abin da kamfani ya yi, da "ni" a kan abin da mai rubutun zai yi da hannunsa. Haƙuri sau ɗaya ake bayarwa a saƙo, kuma a faɗi laifin da ake ba da haƙuri a kansa. Ba a rubuta "nan ba da jimawa ba", sai a faɗi rana. Ƙarƙashin kowace doka ki sa jimlar da kike so da wadda ba kya so, gani ya kori ji.

Sai ki raba abin da ba ya canzawa da abin da ke canzawa. Kamfanin Mailchimp mai manhajar aika saƙonnin talla ta imel, a ƙa'idar rubutunsa da ya buɗe wa kowa, ya yi wannan rabon: halin maganar kamfani ɗaya ne kullum, amma zafinta da sanyinta na bin halin da mai karatu ke ciki. Rahar da ta dace da wanda ya turo hoton kayansa yana murna, cin fuska ce ga wanda aka cire masa kuɗi sau biyu. Saboda haka ki rubuta ƙarara inda aka haramta wasa da hotunan dariya: maganar kuɗi, kayan da suka lalace, da duk saƙon da mai shi ya turo karo na biyu a kan matsala ɗaya.

Mu ɗauki saƙo guda. Kwastoma ya rubuto: "Kun ce Litinin, yau Alhamis, ina kayana?" Ma'aikaci na farko ya amsa: "Yana hanya." Na biyu ya ce: "Ayya, don Allah a yi haƙuri, wallahi ba laifinmu ba ne, masu kai kaya ne, a yi haƙuri." Na farko bai ba da haƙuri ba, na biyu ya bayar har sau biyu ya kuma jefa laifin kan wani, kuma babu wanda ya gaya wa mutumin abin da ya tambaya. Samfurin amsar da za ki adana kuwa ga kamanninsa:

"Barka da [lokaci]. Mun yi muku alkawarin [ranar farko] ba mu cika ba, ku yi haƙuri. Na duba yanzu, kayanku suna [inda suke], za su iso ranar [sabuwar rana]. Idan ba su iso ba, ni zan tuntuɓe ku a ranar, ku zaɓi jira ko a mayar muku da kuɗinku."

Jimla ta biyu da ta ƙarshe ba a canza su, ban da cike gurbin rana, domin alkawarin kamfani ne, kuma ba kya son wani ya yi alkawarin mayar da kuɗi wani ya hana. Ta uku kuwa ba ta aikuwa sai ma'aikaci ya je ya duba. Da gangan aka bar gurbin. Samfurin da za a iya turawa ba tare da an karanta saƙon kwastoma ba, wata rana za a tura shi ga wanda bai dace ba. Alamar hakan ba ta ɓuya: kwastoma ya dawo yana cewa "ba abin da na tambaya ke nan ba", ko amsa ta fita da gurbi ba a cike ba, ko mutum ɗaya ya sami jimla iri ɗaya sau biyu a zance ɗaya. Ga wannan na ƙarshen ki kafa doka: samfuri sau ɗaya ne a kowace matsala, amsa ta biyu da hannu ake rubuta ta, bisa ƙa'idojin takardar.

Samfura goma zuwa sha biyar sun isa farawa, na tambayoyin da suka fi yawa. In suka yi yawa, ma'aikaci zai ga nema ya fi rubutawa wahala, ya koma salonsa. Kuma da ma'aikatan za ki rubuta su. Sau da yawa jimla mafi kyau tana nan cikin talatin ɗin da kika karanta, ɗaukowa kawai za ki yi, wanda ya rubuta ta kuma shi zai fi kowa kare ta.

To, batun saye. Mai yiwuwa abin da kike amfani da shi yanzu ya wadatar. WhatsApp Business yana da `Quick replies` kyauta: ana adana har guda 50, ana kiran su da buga alamar `/`. Gmail yana da `Templates`, sai dai a nan kowane akwati da nasa, don haka in kin gyara jimla a wuri ɗaya sauran suna nan da tsohuwar. Manhajojin biya irin su Zendesk abin da suke ƙarawa shi ne rumbun amsoshi guda na kowa, ikon hana wasu gyara shi, cike sunan kwastoma kai tsaye, da nuna wanda ya aika kowace amsa. Ki biya idan kina amsawa ta hanyoyi da yawa har kin kasa bin sawun wanda ya ce me, ko kin canza ƙa'idar mayar da kaya amma tsohuwar amsa na ci gaba da fita. In kin zo gwada ɗaya, ki tambaya ko za ki iya kwashe samfuranki ki fita da su ranar da kika daina biya.

Bayan wata guda da fara aiki da takardar, ki sake kwaso amsoshi ashirin ba sunaye, ki ba ma'aikatan su canki wanda ya rubuta kowace. Inda suka gane mutum ta wajen alkawari, haƙuri ko ƙin amincewa, akwai dokar da ba ta fito fili ba, sai a gyara ta a takardar, a sa kwanan wata a samanta don kowa ya san wadda ke aiki. In ta ɗan ɗumin gaisuwa kawai suka gane shi, ki bar masa abinsa.