Kashi 18 da ya fi kashi 19 tsada

"Yaya, ina wuni? Ina haɗa kuɗin zuwa karatu Kanada, zan ci bashin sefa miliyan 2 a nan Tawa. Wuri ɗaya sun ce ruwa kashi 18 cikin ɗari a shekara, ana lissafawa wata-wata. Ɗayan kashi 19, sau ɗaya a ƙarshen shekara. Duka biyun sai na gama zan fara biya. Na 18 ɗin zan ɗauka, ko?"

Lafiya lau, ƙanena. Dakata tukuna, kada ka sa hannu, domin na 19 ɗin ya fi araha. Ɗauko kalkuletar wayarka mu bi shi tare.

Kashi 18 ɗin nan na takarda ne. Abin da za su yi shi ne su raba shi gida 12, kowane wata kashi 1.5. Watan farko, kashi 1.5 na miliyan 2 jaka 30 ne. Tunda ba biya kake ba, sai a ɗora jaka 30 ɗin a kan uwar kuɗi, bashi ya koma 2,030,000. Wata na biyu a kan wannan sabon jimillar za a cire ruwa, ya zama 30,450. Na uku 30,907. Ka ga ruwan da kansa ya fara haihuwa. Kafin a kai wata na 12, ruwan wata ɗaya ya kai 35,338, alhali kai ba ka ƙara karɓar ko dala ba.

Ba sai ka bi watannin ɗaya bayan ɗaya ba, ga hanyar a taƙaice:

```
(1 + r/12)^12 - 1
(1 + 0.18/12)^12 - 1 = 0.1956
```

Harafin r shi ne ruwan da aka rubuta maka, amma a matsayin 0.18. Raba shi da 12, ka samu 0.015. Ƙara 1, ya zama 1.015. Ninka wannan da kansa har sau 12, zai ba ka 1.1956. Cire 1, saura 0.1956, wato kashi 19.56. Wannan ne ainihin abin da shekara za ta ci maka, kuma shi za ka jera da 19 ɗin can, wanda yake nan 19 daram saboda sau ɗaya ake ɗora shi. In kana da Excel na Faransanci, rubuta `=TAUX.EFFECTIF(0,18;12)`.

A kuɗi kuwa, bayan shekara ɗaya, a na farko mai 18 ana binka 2,391,236, a na biyu mai 19 kuma 2,380,000. Bambancin jaka 11 da ƴan kai ne, za ka ce ba yawa. To ai karatun ba na shekara ɗaya ba ne. In ka kwashe shekara 3 ba ka biya komai ba, na farko ya kai kusan 3,418,000, na biyu kusan 3,370,000. Wanda ya yi lissafin 18 sau uku a ka, yana jiran 3,080,000, shi ne zai sha mamaki ranar biya, kuma a ganina wannan giɓin ya fi cancantar ya hana ka barci.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne a danna 1.5 a madadin 0.015, sai waya ta fito da dubbai. Ga yadda za ka gane ka kauce: amsar dole ta ɗara ruwan takarda, amma da kaɗan. Kashi 12 yana komawa 12.68, kashi 24 yana komawa 26.82. Shi 18 ko kullum ake ɗora shi ba zai wuce 19.72 ba, don haka in ka ga 21, sake lissafi. Kuma 12 ɗin nan ba dole ba ne, yawan ɗorawa ne a shekara. A nan Kanada, bashin sayen gida mai tsayayyen ruwa sau biyu ake ɗora shi, sai a sa 2 a duk inda 12 yake.

Sai dai lissafin nan ruwa kaɗai ya sani. Kuɗin buɗe dosiye da na inshora ba sa ciki, kuma jaka 11 tazara ce da kuɗin dosiye kaɗai zai iya shafewa. In masu 19 za su zare jaka 40 tun ranar ba ka kuɗin, masu 18 kuma ba sa zarar komai, to a shekarar farko na 18 ne ya fi araha. Saboda haka ka koma wurin kowannensu, ka ce su rubuta maka TEG, wanda ya haɗa ruwa da sauran caje-caje, da kuma jadawalin da ke nuna abin da ake binka wata bayan wata. Ɗauki hoton takardun ka turo mini kafin Baba ya je tsaya maka.