Lambar littafin da ya ɓata

Tambaya: Shugaban makaranta ya ba ni kula da ɗakin karatu. Da na ƙirga littattafai sai na tarar wasu babu su. In goge su daga rajista in ba sabbi lambobinsu?

Malam, kada ka goge, kuma kada ka sake ba wani littafi lambar. Lambar rajista ta kwafi ɗaya ce har abada. Idan aka kawo kwafi biyar na littafin lissafi na aji uku, kowanne da tasa, misali 412 zuwa 416, kowanne da layinsa: ranar shigowa, marubuci, suna, saye ko kyauta, kuɗinsa, sai gurbin bayani a ƙarshe. Ka rubuta lambar a bayan shafin suna, ka maimaita ta a wani shafi na ciki da ka zaɓa, domin bango ne ke fara yagewa a hannun yara.

Lokacin ƙidayar shekara, ka fara karɓo na aro. Mutum ɗaya ya riƙa kiran lamba daga kanta, ɗaya yana yin alama. In ba a ga 414 ba, ka rubuta "ba a gani ba" da shekarar, da fensir. Na sha ganin irinsu sun fito daga durowar malami bayan hutu. Sai in an sake rasa shi a ƙidaya ta gaba za ka ja jan layi siriri a kai, yadda rubutun zai karantu, shugaba ya sa hannu.

Wanda gara ta ci ko ruwa ya jiƙa, ka rubuta abin da ya same shi. In ya gyaru, ya koma kanta da lambarsa.